Yanke Farin Gefen Tsohon Hoto Ba Tare da An Ci Rawani Ba

Yawancin hotunan da iyayenmu suka ajiye a albam ko a ƙasan akwati suna da farin gefe zagaye da su. Ba kwalliya kaɗai ba ce. A zamanin da ake wanke hoto da hannu a ɗaki mai duhu, akwai wani firam da ke danne gefunan takardar don kada ta nannaɗe yayin da ake haska mata fim, kuma duk wurin da ya danne haske ba ya kai wa gare shi, sai ya fito fari. Yau idan aka ɗora irin wannan hoton a kan sikana domin a shigar da shi kwamfuta, farin gefen yakan biyo shi, sau da yawa ya koma ruwan ƙwai, ga tabon yatsa, ga inda gara ta ɗanɗana. Mai hoton yana son a cire gefen domin a sake wanke shi babba, ko a sa shi a kalandar tunawa, ko a tura wa 'yan uwa. Aikin kamar na daƙiƙa biyar ne, a ja layi huɗu a datse. Amma a nan ne ake samun hoton Alhaji ya dawo daga shago babu saman rawani, ko an guntule kafaɗar yaron da ke tsaye a ƙarshen sahu.

Abin da nake son mai karatu ya gane shi ne, cire farin gefen kansa kusan ba ya cin komai daga hoton. Abubuwan da ke cin hoton daban ne: karkacewa, da barin na'ura ta yanke da kanta, da kuma tilasta wa hoton ya shiga girman takardar da ba tasa ba.

Bari mu ɗauki hoto guda mu bi shi har ƙarshe. A ce hoton situdiyo ne na wani dattijo, girman da aka saba, inci 3.5 a faɗi da inci 5 a tsayi, wanda masu wanke hoto ke kira 9 da 13 idan da santimita suke awo. Yana zaune cikin farar babbar riga da farin rawani, bayansa labule mai haske da ya ƙara koɗewa saboda shekaru. Farin gefen milimita 5 ne a kowane ɓangare, kuma tsakanin saman rawanin da inda hoton ya ƙare milimita 2 ne kacal. Wannan milimita biyun ita ce duk abin da muke da shi na sarari, kuma ita za mu yi ta karewa.

Tun a kan gilashin sikana

Cikin murfin yawancin sikana fari ne. Idan aka ɗora hoto mai farin gefe aka rufe, fari ya haɗu da fari, babu mai iya cewa ga inda takarda ta ƙare, ko mutum ko na'ura. Maganin ba ya cin kuɗi: a kifa hoton a kan gilashin, a ɗora baƙar takarda ko baƙin kwali a bayansa, sannan a rufe. Yanzu takardar hoton za ta fito sarai a kan baƙi. Kuma kada a manna hoton a can kusurwar gilashin, domin sikana da yawa ba sa ɗaukar milimita ɗaya ko biyu na bakin gilashin. A matso da shi ciki kaɗan, a daidaita shi da rula.

Sai a kashe yanka ta atomatik a manhajar sikanar, wadda galibi ake rubuta wa Auto Crop, a ɗauki hoton duka, da gefensa, da ɗan baƙin da ke kewaye da shi. Ga ƙaramin hoto irin wannan a zaɓi 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Waɗannan ɗigogin su ake kira fiksel. Takardarmu za ta fito fiksel 2100 a faɗi da 3000 a tsayi, kuma kowace milimita ɗaya ta zama kusan fiksel 24. Wannan lissafin ya isa a riƙe, domin da shi za a riƙa gane nawa ake yankewa a zahiri. Farin gefenmu na milimita 5 kusan fiksel 118 ne, sararin da ke saman rawani kuma kusan 47.

Wannan fayil na farko a adana shi a matsayin TIFF ko PNG, a ba shi suna, a daina taɓa shi. Duk aikin da za a yi a kan kwafi za a yi shi. Dalili ɗaya shi ne JPEG yana zubar da wani abu na ingancin hoto duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Ɗaya dalilin ya fi wannan nauyi a wurina. Farin gefen nan da ake son jefarwa sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da hoton ke ɗauke da ita. Wasu kamfanonin wanke hoto sukan buga wata da shekara a gefen, wasu situdiyo sukan danna tambarinsu a ƙasa, wani lokaci kuma mai hoton ne da kansa ya rubuta suna ko gari da biro, ko da ajami. Jikan da zai zo nan da shekara talatin yana tambayar yaushe aka ɗauki hoton ba zai sami amsa a yankakken kwafi ba. Idan akwai rubutu a bayan takardar, shi ma a juya a ɗauka.

Miƙewa kafin yanka

Akwatin yanka a kwamfuta ko waya a tsaye yake cak. Idan hoton ya ɗan karkace a kan gilashi, to bakin hoton da layin akwatin ba za su taɓa haɗuwa ba. Mutum zai ja layin sama har ya kai bakin hoton ta hagu, sai ya ga wani siririn fari mai kama da tsinke ya rage ta dama. Sai ya ƙara matsowa ciki don ya kawar da shi, kuma duk abin da ya matso, hoton yake ci ta ɗaya ɓangaren. Haka zai yi a gefe huɗu.

Ido ba ya ɗaukar karkacewar digiri ɗaya da muhimmanci, amma a hotonmu tana cin kusan fiksel 48 a faɗi, wato milimita 2, da kusan 32 a tsayi. Idan karkacewar ta kai digiri 3, wanda abu ne mai sauƙin faruwa idan iskar rufe murfi ta tura hoton, asarar ta kusa milimita 6 a faɗi da kusan 4 a tsayi. Rabin ta tsayin daga sama za ta fita, don haka a tsakiyar hoton, daidai inda kan dattijon yake, layin yanka zai sauko kusan milimita 2. Ya zauna a kan rawanin ke nan. Ba a yanke komai da gangan ba, amma sararin ya ƙare.

Saboda haka a miƙe hoton tukuna. Hanya mafi kyau ita ce a buɗe murfi a gyara masa zama a sake ɗauka, domin juya hoto a kwamfuta yana sa manhaja ta sake lissafa kowane fiksel, kuma hakan yana ɗan rage kaifinsa. A 600 dpi ragin ba ya damun kowa idan sau ɗaya aka yi. Abin gudu shi ne a juya dama, a ga ya yi yawa, a juya hagu, a sake, kowanne a kan na baya. Idan juyin bai yi daidai ba, a koma baya da Undo a sake daga farko. A manhajar GIMP, wadda kyauta ce, akwai abin awo mai suna Measure: a ja layi a kan bakin hoton daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a danna Straighten, sai ta juya shi daidai gwargwado. Photoshop yana da irin wannan a cikin Crop. A waya, Snapseed da manhajar hotuna da ta zo da wayar suna da sandar juyawa mai nuna digiri.

Tambayar da ake yawan kuskurewa ita ce, da wane layi za a miƙe? Layuka uku ne suke neman a bi su. Akwai bakin takarda na waje, akwai bakin ciki inda hoto ya haɗu da fari, akwai kuma layukan da ke cikin hoton kansa, kamar ƙofa ko gindin bango. Wanda ake bi shi ne na biyu, bakin ciki, domin shi ne za a yanka a kansa. Bakin takarda ba abin dogaro ba ne, tunda da yawa da hannu aka datse su, kuma za ka tarar farin ya fi faɗi ta wani ƙarshen. Idan kuwa mai ɗaukar hoton ne ya karkata kyamararsa tun asali, har bango ya jingina, to miƙe bangon wani aiki ne daban, kuma yana da farashi irin wanda muka lissafa a sama. A hoton da kai ya kusa taɓa sama, ni dai shawarata a bar bangon a jingine. Haka aka ɗauke shi.

Inda na'ura ke ruɗewa

Kusan kowace manhaja tana da maɓallin da ke cire gefe da kansa. A GIMP sunansa Crop to Content, a Photoshop akwai Trim da kuma Crop and Straighten Photos. Masu hotuna da yawa, kamar ma'aikatan shagon kwamfuta, sukan yi amfani da ImageMagick, inda layi ɗaya ya isa:

```
magick kwafi.tif -fuzz 10% -trim +repage yanke.tif
```

Yana da kyau a san abin da wannan umarni ke yi, domin daga nan ake gane inda zai ɓata aiki. Yana duba launin kusurwoyin hoton ya ɗauka shi ne launin gefe. Sai ya riƙa cire layi bayan layi daga waje zuwa ciki, muddin layin gaba ɗayansa launin nan ne, ya tsaya a layin farko da ya ga wani abu daban. Idan an sa baƙar takarda a baya, zagayen farko baƙin zai cire, sai an maimaita kafin ya taɓa farin. Lambar da ke gaban `-fuzz` kuwa sassauci ce: tana gaya masa ya ɗauki duk launin da ya yi kusa da na kusurwa a matsayin gefe, tunda tsohuwar takarda ba ta taɓa zama fari sol iri ɗaya.

Idan sassaucin ya yi kaɗan, ɗigon ƙura guda ko tabon kashin ƙuda a cikin farin gefen ya isa ya tsayar da yankan, sai a ga an bar rabin gefen. Sai mai aiki ya ƙara lambar zuwa 20 ko 30 don ya tsallake tabon. A hoton mutum mai baƙar kwat a gaban bango mai duhu wannan ba matsala. A hoton dattijonmu kuwa, labulen da ya koɗe ya shiga cikin abin da na'ura ke kira fari, rawanin ma haka. Za ta cire gefen, ta wuce cikin labulen, ta shiga rawanin, ba za ta tsaya ba sai ta ci karo da abu mai duhu, wanda shi ne goshinsa. Hotunanmu cike suke da irin wannan tarko: fararen kayan Sallah da na Juma'a, farin mayafi, bango mai farar ƙasa, sararin sama da rana ta wanke. Maɓallin atomatik bai san riga ba, haske kawai yake aunawa.

Akwai hanyar kama shi cikin sauƙi. A duba girman abin da ya fito. Mun san gefen fiksel 118 ne kowane ɓangare, don haka hoton ciki ya kamata ya zama kusan 1864 da 2764. Idan na'ura ta kawo tsayi 2500, to ta ci abin da ba nata ba, ko da kallon farko bai nuna ba. Wanda ya tura hotuna ɗari ta wannan umarni bai duba girmansu ɗaya bayan ɗaya ba, zai gane ɓarnar ne bayan an wanke.

Yanka da hannu

A hoto mai fararen kaya, hannu ya fi. Matsalar farko ita ce ganin bakin, domin inda farar riga ta gangaro har ƙasan hoton, rigar da gefen sukan narke cikin juna. Dabarar ita ce a duhunta hoton na ɗan lokaci: a buɗe Levels ko Curves, ko a waya a rage haske a ƙara bambancin launi sosai, har hoton ya yi muni. A nan siririn layin da ke raba rigar da takarda zai bayyana, tunda rigar tana da ɗan toka-toka da ido bai gani ba. A lura da wurin, a soke duhuntawar, sannan a yanka. Idan layin ya ƙi fitowa a wurin rigar, a neme shi a kusurwoyi inda akwai tabarma ko ƙasa mai duhu, tunda layi ɗaya ne miƙaƙƙe.

Sai a zuƙo hoton ya yi girma a allo, kashi 200 cikin ɗari ko fiye, a bi gefe ɗaya bayan ɗaya. Za a lura bakin ba kaifi ne kamar wuƙa ba. Akwai 'yan fiksel da launi ke dusashewa daga hoto zuwa fari. Idan aka yanka daidai a kan bakin, wani siririn zare mai haske zai rage, wanda ba a ganinsa a kan farin allo amma yakan fito fili idan aka ɗora hoton a kan baƙi, kamar yadda waya ke nuna hotuna. Don haka a shiga ciki da fiksel 5 ko 6 bayan bakin. A 600 dpi wannan rubu'in milimita ne. Hotonmu ya koma 1852 da 2752, kuma sararin saman rawani ya ragu daga 47 zuwa 41. Wannan ita ce duk asarar da cire gefe ya kamata ya jawo.

Kowane gefe da awonsa. Kada a ɗauka tunda hagu 118 ne dama ma haka, domin da wuya su zo daidai. Hotunan Polaroid ma da gangan aka yi ƙasansu ya fi sauran gefunan faɗi nesa ba kusa ba. Kuma a tabbata akwatin yanka yana kan Free, ba a kulle shi a wani tsari kamar 4:3 ko Square ba, in ba haka ba jan gefe ɗaya zai ja ɗayan ba da sanin mutum ba. A Photoshop da GIMP akwai zaɓin Delete Cropped Pixels. Idan aka cire masa alama, abin da aka yanke ɓoyewa kawai yake yi, ana iya dawo da shi muddin an adana aikin a fayil ɗin manhajar.

Wasu hotunan, musamman masu launi na shekarun 1970, kusurwoyinsu a zagaye suke. Mutane sukan tsorata su yanke da yawa. Ba sai an cire duk lanƙwasar ba: idan aka shiga daga gefuna biyun a tare, kusan kashi uku cikin goma na girman lanƙwasar ya isa kusurwa ta cika. Lanƙwasa mai milimita 3 ba ta bukatar ko milimita ɗaya cikakkiya daga kowane gefe. Hoton da aka yi shi da siffar ƙwai a tsakiyar kwali kuwa, wannan kada ma a gwada. Mafi girman akwatin da zai shiga cikin siffar ƙwai yana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton. A bar shi da siffarsa.

Hoton da ke cikin firam na katako da gilashi yana da nasa hukunci. Leɓen firam yakan rufe 'yan milimitoci na hoton, don haka idan ana iya fito da shi lafiya, za a sami ƙarin sarari, ko da yake wurin da aka rufe yakan fi sauran launi saboda rana ba ta taɓa shi ba. Amma idan danshi ya manne hoton da gilashin, kada a ja, fuskar hoton za ta ɓare ta bi gilashin. A ɗauke shi da waya yadda yake, a inuwa mai haske, wayar tana fuskantarsa daidai. Idan aka ɗauka daga gefe ko daga sama, hoton zai fito ƙarshe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma juyawa ba ta gyara wannan. Sai an fara da Perspective an mayar da kusurwoyi huɗun daidai. Inuwar da leɓen firam ke jefawa a kan hoton ita ma takan tilasta a ƙara shiga ciki, don haka gara a juya firam ɗin har inuwar ta faɗa ɓangaren da babu kowa.

A wurin mai wanke hoto

An miƙe, an yanka da kyau, rawani yana nan. Saura wuri ɗaya da yake iya salwanta. Hotonmu na 1852 da 2752 tsayinsa ya kusa ninki ɗaya da rabi na faɗinsa. Takardar inci 4 da 6 tsarinta ke nan, don haka kusan fiksel 17 kawai za a rasa a faɗi. Amma wanda ya kawo hoton kakansa ba ƙarami yake so ba. Takardar 5 da 7 ta fi gajarta idan aka gwada da faɗinta, kuma don hoton ya cika ta sai an cire kusan fiksel 160 daga tsayi. Injin wanki yakan raba asarar biyu, 80 sama 80 ƙasa, alhali 41 muke da su a sama. A takardar 8 da 10 abin da za a cire ya haura 430, kusan milimita 18 na ainihin hoton, rabinsu daga kan dattijon. Ƙari a kan haka, wankin da ba shi da gefe yakan ɗan faɗaɗa hoton ya zarce bakin takarda, sai wani ɗan abu ya sake tafiya.

Tela ba ya sa almakashi sai ya san wa zai sa rigar, haka nan kafin a kai hoto shago a san girman takardar da za a wanke. Idan 5 da 7 ne, mutum ya yi yankan da kansa a wani kwafin, ya kulle akwatin a 5:7, ya tura shi sama har ya ƙure, duk asarar ta fita daga ƙasa inda tabarma ce da gefen riga. Wannan yana aiki idan a zaune mutumin yake kuma akwai sarari a ƙasa. Idan hoton tsaye ne har da takalma, ko sahun mutane ne da ya cika daga gefe zuwa gefe, babu inda za a cire. A nan sai a yi akasin yanka, a ƙara sabon farin gefe mai tsabta har hoton ya kai tsarin takardar:

```
magick yanke.tif -background white -gravity center -extent 2400x3000 wanki.tif
```

Wannan ya zaunar da hotonmu cikakke a tsakiyar farin fili mai tsarin 8 da 10, da fiksel 124 sama da ƙasa, da 274 hagu da dama. Duk abin da injin zai ɗan ci, daga farin zai ci. Wanda ba ya amfani da umarni zai sami irin wannan a Canvas Size, a GIMP ko Photoshop. A shago kuwa ya isa a ce wa mai aikin, «Malam, a sa shi duka ya shiga takardar, ko da fari zai rage a gefe, kada a cika ta da shi.» A allonsa zaɓi biyu ne, galibi Fit da Fill, kuma na farkon ake so. Kafin ya danna, a nemi ya juyo allon a ga saman kai da kafaɗun waɗanda ke ƙarshen sahu.